Yadda ake gane kuɗin da ke ɓoye tsakanin farashin saye da na sayarwa a wajen canji

Duk ɗan canjin da za ka tarar a Zone 4 ta Wuse, a Abuja, farashi biyu yake riƙe da su a kan kowane kuɗi: wanda zai saya a hannunka, da wanda zai sayar maka. Na farkon kullum yana ƙasa da na biyun. Ratar da ke tsakaninsu, wato tazara, ita ce ribarsa, kuma ita ce kuɗin aikin da kake biya ko da ba a rubuta maka shi a rasit ba. Wannan ba cuta ba ce. Duk macen da ta taɓa sayen sarƙar gwal ta san in ta mayar da ita wurin mai shagon a ranar, ba zai karɓa a yadda ya sayar mata ba. Abin da ya kamata shi ne ka iya auna tazarar nan da kanka, ka san nawa ta ci maka a naira kafin ka miƙa kuɗinka.

Farashin da zan yi amfani da su a nan na misali ne, don lissafi ya fito sarai. Farashin dala yakan sauya ko da tsakanin safe da yamma, saboda haka ka sa na ranar da za ka yi canjin a madadinsu.

Mataki na farko: san gefen da kake tsaye

Allon farashi, ko na banki ko na shagon canji, da bakin mai canjin aka rubuta shi, ba da naka ba. Inda ka ga an sa BUY ko WE BUY, nufinsu su ne masu saye, kai ne mai sayarwa. Inda aka sa SELL ko WE SELL, su ne masu sayarwa, kai ne mai saye. Mutane da yawa a nan suke fara ruɗewa. Mutum ya zo sayen dala, sai idonsa ya faɗa kan layin da aka rubuta saye, ya yi lissafinsa da shi, sai an zo biya ya ga kuɗinsa bai kai ba.

A ce an rubuta dala: saye 1,500, sayarwa 1,530. In dala ce a aljihunka kana neman naira, 1,500 ne naka. In naira ce a asusunka kana neman dala, 1,530 ne naka. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce, cikin lambobin nan biyu, wadda ba ta yi maka daɗi ba ita ce taka. Mai dala yana son babbar, sai a ba shi ƙaramar. Mai naira yana son ƙaramar, sai a caje shi babbar. In ka ga lissafinka ya nuna kai ne ka ci riba a kan mai canji, to ka juya allon ne, sake dubawa.

Mataki na biyu: nemi farashin duka biyun

A bakin titi ba allo, da baki ake yi. Kana faka mota za a kewaye ka, tambayar farko kuma ita ce: "Alhaji, saye ne ko sayarwa?" Ba don gaisuwa ake wannan tambayar ba. Da zarar ka ce sayarwa za ka yi, an san lambar da za a faɗa maka, ɗayar kuwa ba za ka ji ta ba, kuma da lamba ɗaya ba a auna tazara.

Abin da ya fi shi ne ka ce: "Malam, nawa kuke saye yau, nawa kuma kuke sayarwa?" Wani zai yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sai ka faɗi wanda ya kawo ka." Ka tsaya a kan tambayarka cikin fara'a. Wanda yake da kuɗin a hannunsa ba ya jin nauyin faɗin biyun, domin ya san in ya faɗi ƙarya a ɗaya za ka iya kama shi da ɗayan. In ya rage farashin saye ƙwarai don ya ci da yawa, tazararsa za ta fito fili. In kuma ya rage na sayarwar shi ma don tazarar ta yi kama da ƙarama, to ya shiga haɗari, don kana iya cewa saye ka zo yi.

Ka tambayi mutum biyu ko uku, ba a wuri ɗaya ba. Ka kuma lura ko da mai kuɗin kake magana ko da dillali. Wanda ya ce maka "bari in kira maigida" ko "jira ni in karɓo" yawanci la'adarsa tana cikin farashin da ya faɗa maka, naira biyu, uku ko biyar a kan kowace dala. Ba laifi ba ne, sana'arsa ce, amma ka san kana biyan ta.

Mataki na uku: fitar da farashin tsakiya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma da kalkuletar waya ake yin sa cikin minti ɗaya.

```
tazara  = sayarwa − saye
tsakiya = (saye + sayarwa) ÷ 2
kashi   = tazara ÷ sayarwa × 100
```

A misalinmu, 1,530 a cire 1,500 ya rage naira 30. Tsakiyar ita ce 1,515. Talatin ɗin nan in ka raba ta da 1,530 ka ninka da ɗari, za ta ba ka kusan kashi 2 cikin ɗari.

Farashin tsakiya ba wanda zai ba ka shi, kada ma ka tsaya ciniki a kansa. Amfaninsa ma'auni ne. Shi ne kimar da dalarka take da ita a wannan kasuwar a wannan lokacin, da a ce ba wanda zai ci riba a tsakani. Duk abin da aka ba ka ƙasa da shi in kana sayarwa, ko aka caje ka sama da shi in kana saye, shi ne kuɗin aikin.

To ga inda ake yawan kuskure. Wanda ya yi canji sau ɗaya ba dukan tazarar yake biya ba, rabinta yake biya. Ka kawo dala 2,000 an saya a 1,500, an ba ka naira miliyan 3. A farashin tsakiya kuɗin nan naira 3,030,000 ne. Ke nan canjin ya ci maka naira 30,000, kusan kashi 1 cikin ɗari. Dukan tazarar tana hawa kan wanda ya shiga ya kuma fita: ya sayi dala 2,000 a kan naira 3,060,000, tafiya ta fasa, ya dawo da ita washegari kasuwa ba ta motsa ba, aka ba shi miliyan 3. Naira 60,000 ta tafi, alhali dala ba ta faɗi ko sisi ba.

Wannan lissafin ya shafi masu sayen dala su ajiye don tsoron faɗuwar naira. Mutum ya saya a 1,530, bayan sati biyu ya ji ana cewa dala ta kai 1,550, sai ya ɗauka ya ci naira ashirin a kan kowace. Wannan 1,550 ɗin da ya ji, galibi farashin sayarwa ne. In tazarar tana nan a talatin, za a saya a hannunsa a 1,520, har yanzu yana ƙasa da uwar kuɗinsa da naira goma. Sai farashin saye ya hau ya taɓa 1,530 sannan ya dawo daidai.

Me ya sa ake mayar da tazarar zuwa kashi cikin ɗari? Domin naira talatin a kan dala da naira talatin a kan riyal ba abu ɗaya ba ne. A kan dalar da take sama da 1,500, kashi biyu ce. A kan riyal da yake wajen naira ɗari huɗu, ta haura kashi bakwai. Da kashi ne kawai za ka iya jera kuɗi biyu ko shago biyu ka ga wanda ya fi tsada.

Akwai wani abin da ake cuɗa shi da wannan, gara in raba su. Bambancin da ke tsakanin farashin hukuma da na kasuwar bayan fage ba shi ne tazarar da muke magana ba. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, a titi kuwa tana wajen 750. Wancan giɓi ne tsakanin kasuwanni biyu, kuma kowace cikinsu tana da nata farashin saye da na sayarwa. Haka ma lambar da kake gani in ka bincika farashin dala a waya. Yawanci farashin tsakiya ne na manyan kasuwanni, inda bankuna suke cinikin miliyoyi a junansu. Ka riƙe ta a matsayin abin dubawa, amma tsakiyar da za ka yi aiki da ita ita ce ta kasuwar da kake tsaye a cikinta.

Mataki na huɗu: tambayi abin da zai shiga hannunka

"Ba ma cajin kamasho" magana ce da ake yawan rubutawa a shagunan canji na filayen jirgi da manyan otal, da kuma manhajojin tura kuɗi daga waje. Sau da yawa gaskiya ce, ba su cire komai daban. Sai dai ka dubi allonsu. In sun rubuta saye 1,450, sayarwa 1,570, tazarar naira 120 ce, sama da kashi 7 cikin ɗari. Dala 2,000 ɗin nan da aka ba ka miliyan 3 a kanta a gari, a nan 2,900,000 za a ba ka. Kamashon bai ɓace ba, an zuba shi cikin farashi ne.

Akasin haka ma yana faruwa, farashi mai kyau amma da caji a gefe. Saboda haka tambaya ɗaya ce take warware komai: "In na ba ku kaza, nawa zai shigo asusuna bayan an cire duk abin da za a cire?" Abin da aka faɗa maka sai ka raba shi da yawan dalarka. Amsar ita ce farashinka na gaskiya, kuma shi za ka kwatanta, ba na allo ba.

Ga yadda abin yake sauyawa da yawan kuɗi. Wuri na ɗaya yana saye a 1,500 ba caji. Wuri na biyu yana saye a 1,512 amma zai cire naira 10,000 kuɗin aiki. Mai dala 500 in ya je na ɗaya zai karɓi 750,000. In ya je na biyu, 756,000 ne a cire dubu goma, ya rage 746,000, wato an saya a hannunsa a 1,492 ke nan. Na ɗaya ya fi masa. Mai dala 2,000 kuwa a na biyu zai sami 3,024,000, a cire dubu goma ya tashi da 3,014,000, farashinsa na gaskiya 1,507. Shi na biyu ya fi masa da naira 14,000. In kana son sanin iyakar, raba cajin da bambancin farashin: 10,000 a raba da 12 ya ba da wajen dala 833. Ƙasa da haka cajin ya cinye ribar, sama da haka farashin ya rinjaye shi.

Mataki na biyar: takardun da ke hannunka

Farashin da ake faɗa da baki na takardar dala ɗari ne, sabuwa, mai tsafta, musamman mai shuɗin zare da Amurka ta fara fitarwa a 2013, wadda ake ce wa bulu. Tsohuwa mai ƙaramin kai, da ƙananan takardu irin su ɗaya, biyar, goma da ashirin, da wadda ta yage ko aka yi rubutu ko hatimi a kanta, duk a kasuwa ana rage musu farashi. A Amurka kowace cikinsu kuɗi ce cikakkiya, kuma a 2024 Babban Banki ya sake umartar bankuna da masu canji masu lasisi su riƙa karɓar tsofaffin takardu da ƙanana. Amma a titi ragin yana nan, domin mai canjin shi ma yana tunanin wanda zai karɓa a hannunsa.

Wannan wata tazara ce a kan tazara. Saboda haka ka ware takardunka tun daga gida, ka nemi farashin kowane kashi daban kafin ka fito da su duka. In kai ne mai saye, ka duba takarda bayan takarda, ka ƙi wadda in ka dawo da ita gobe za a rage maka. In kana da asusun dala a banki, tsofaffin takardun sun fi dacewa da can.

Misali cikakke: guzurin Umara

Yanzu a haɗa su duka a kan lamari ɗaya. A ce wani bawan Allah a Abuja zai tafi Umara, ya ware naira 3,060,000 na guzuri. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya sayi riyal kai tsaye a nan, ko ya sayi dala ya je Makka ko Madina ya canza.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a yi canji sau biyu, domin kowane canji yana da tasa tazarar. Shawara ce mai ma'ana, amma ni ba na yarda da ita sai na yi lissafi, don akwai inda tazara biyu ƙanana suka fi ɗaya babba sauƙi.

Fara da ma'auni. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya. Don haka in tsakiyar dala 1,515 ce, tsakiyar riyal ita ce 1,515 a raba da 3.75, wato naira 404. Da ba mai cin riba a hanya, guzurin nasa zai ba shi wajen riyal 7,574. Da wannan lambar za a auna hanyoyin biyu.

Hanyar dala: ya saya a 1,530, ya karɓi dala 2,000 cif. A can, a ce mai canji yana sayen dala a riyal 3.72. Zai karɓi riyal 7,440. Ya rasa riyal 134 daga ma'aunin, wajen naira 54,000, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. In ya raba nairarsa da riyal ɗin da ya samu, kowane riyal ya tsaya masa a kan naira 411.

Hanyar kai tsaye: a ce a Zone 4 ana sayen riyal a 395, ana sayarwa a 420. Tazarar naira 25 ce, ƙasa da ta dala a ido, amma a kashi ta kusa 6 cikin ɗari. Kuɗinsa a 420 zai ba shi wajen riyal 7,285. Ya rasa riyal 289, fiye da ninki biyu na hanyar farko.

A wannan misalin, canji sau biyu ya fi sauƙi da wajen riyal 155. Dalili kuwa shi ne dala ita ce kuɗin da ya fi kowane yawo a kasuwarmu, masu saye da masu sayarwa ba sa yankewa, don haka tazararta ƙarama ce. A can Saudiyya kuma, tunda farashin a ɗaure yake, mai canji ba ya tsoron ya kwana da dala ta faɗi, kaɗan yake ci. Riyal a Abuja kuwa kasuwarsa ta lokaci ce. Gab da tafiyar alhazai da Umarar azumi kowa nema yake, farashin sayarwa ya hau. In an dawo kowa sayarwa yake, farashin saye ya sauka.

Amfanin lissafin shi ne ya ba shi lambar ciniki, 411. Zai iya cewa, "Alhaji, in za ka ba ni a 408 na ɗauka, in ba haka ba ba ni dala." A 408 zai karɓi riyal 7,500, ya fi hanyar dala da riyal sittin, ga kuma hutun neman wurin canji a can. Sama da 411, dala ta fi. Ko da ya zaɓi dalar, yana da kyau ya riƙe ɗan riyal daga nan na mota da abinci a ranar farko, don kada dole ta sa shi canji a filin jirgi, inda farashi ya fi ko'ina muni.

Irin wannan lissafin ake yi wa sefa, ga mai zuwa Nijar ko Kamaru, sai dai ita da yuro aka ɗaure ta, sefa 655.957 a yuro ɗaya.

Sai batun kati, ga wanda bankinsa ya bar katin ya yi aiki a waje. Shi ma canji ne, sai dai ba ka ga allon ba. In ka biya, ka ajiye rasit, ka jira saƙon banki, ka raba nairar da aka cire da riyal ɗin da ke kan rasit. Rasit na riyal 200, an cire naira 84,400, ke nan an sayar maka a 422. Wani lokaci kuma na'urar biyan kuɗi ko ta cire kuɗi za ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin katinka ko da kuɗin ƙasar. Zaɓi kuɗin ƙasar, wanda a Saudiyya zai fito da SAR. In ka zaɓi ɗayan, kamfanin na'urar ne zai yi canjin da nasa farashin, wanda yawanci ya fi na katin tsada.

Ragowar guzuri ita ce ɓarakar da ba a cika lissafawa ba. A ce ya canza dalarsa duka a ranar farko, ya dawo da riyal 1,000. A Abuja za a saya a 395, a ba shi 395,000 a kan abin da ya tsaya masa sama da 411,000. Da kaɗan-kaɗan ya riƙa canzawa, ragowar za ta kasance wajen dala 269, wadda a 1,500 ta haura 403,000. Asarar ta ragu da kusan rabi, muddin ragowar ba ƙananan takardu ba ce duka.

Ranar da tazara take buɗewa

Tazara ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mai canji yana sayen dalarka ne da fatan sayar da ita kafin farashi ya juya, kuma iya tsoronsa iya faɗin tazararsa. A ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, kafin tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya tara dala a sama ya kwana da ita ya ji jiki. A irin waɗannan ranakun za ka ga mai canji ya ja farashin saye ƙasa sosai, ko ma ya ce yau ba ya saye. Don haka in ka ga tazarar da ka saba gani ta ninka, alama ce kasuwa ba ta san inda ta dosa ba. In ba dole, ka dakata kwana ɗaya ko biyu. In da dole, canza iya abin da buƙatar take nema.

Haka nan da daddare, da ƙarshen mako, da ranakun hutu, lokacin da bankuna suke rufe kuma mai canji ba shi da inda zai juya kuɗin nan take, farashi bai cika daɗi ba. Yawan kuɗi kuma yana ba ka bakin ciniki. Mai dala 5,000 yana iya neman ƙarin naira uku ko biyar a kan kowace, abin da mai dala hamsin ba zai samu ba.

Tazarar da ta yi ƙanƙanta fiye da kima ita ma abin tsoro ce. In kowa yana saye a 1,500, wani ya ja ka gefe ya ce zai ba ka 1,540, sama da farashin da kasuwa take sayarwa, tambayi kanka a ina zai fitar da kuɗinsa. Ba mai sayen abu da tsada don ya sayar da arha. Ribar tasa tana wani wuri: ko a ƙirga, ko a jabun takarda, ko a saƙon banki na ƙarya.

A wajen biya

Ku tsayar da farashi da jimilla kafin kuɗi ya fito, a buga a kalkuleta kowa ya gani. Ka fi son shago mai lasisin Babban Banki, wanda zai nemi katin shaidarka ya kuma ba ka rasit, a kan cinikin cikin mota. A watan Maris na 2024 bankin ya soke lasisin kamfanonin canji sama da dubu huɗu, saboda haka tsohon allo a ƙofar shago ba shaida ba ce, ka tambaya.

In tura maka naira za a yi, kada ka dogara da saƙon da ya shigo waya ko hoton da aka nuna maka. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna a asusu, sannan ka saki dalar. In tsabar kuɗi ce, ƙirga da hannunka, kuma in takardun sun koma hannun wani bayan ka ƙirga, ko da na daƙiƙa ɗaya ne, sake ƙirgawa daga farko. Malamai sun sharɗanta cewa canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yin sa a zama ɗaya, kuma ko ta fuskar kasuwa hakan ya fi: "bar dalar, zuwa yamma za ka ga kuɗinka" yana nufin in farashi ya hau kafin yamma shi ya ci, in ya faɗi kuma za a dawo maka da sabon zance. Wanda zai fita ƙasar da tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, doka ta ce sai ya bayyana wa jami'an kwastam a filin jirgi, don haka ya adana rasit ɗin canjin tare da fasfo.